Kuɗin da aka rubuta da kalmomi a cak: yadda za ka karanta shi ka gwada da lambobi

"Malam, me ya sa ake rubuta kuɗin sau biyu? Lambobin ba su isa ba?"

Ba su isa ba. Ƙara sifili ɗaya a bayan 8,000 aikin daƙiƙa guda ne, amma sai an taɓa layin kalmomi ma kafin maguɗin ya zauna. Kowane layi yana tsare ɗan'uwansa.

"Ni fa lambobin kawai nake dubawa, in sun yi shi ke nan."

To ka daina. Da wannan ɗabi'ar ce mutum yake ɗauko cak tun daga kasuwa, ya sha layi a banki, kashiya ya turo masa shi ta ƙarƙashin gilashi. Ka fara da kalmomi. Ɗora yatsa ka rufe akwatin lambobi, ka karanta kalmomin, ka rubuta adadin da suka ba ka a wata takarda, sannan ka ɗaga yatsan ka gwada. In ka fara da lambobi, idonka zai je ya ga abin da ka riga ka sa a rai, ko da ba shi aka rubuta ba.

"Turancina ba shi da ƙarfi. Yaya zan mayar da kalmomin lambobi?"

Kada ka damu, kalmomin da ake rubuta kuɗi da su ba su da yawa. A Nijeriya da Turanci aka saba cike cak, kuma kalmomi biyu ne ke raba adadin gida-gida: "million" da "thousand". Duk inda ka ci karo da ɗaya daga cikinsu, wurin waƙafi ne. Ka zana gidaje uku a takarda, na miliyan, na dubu, da na ragowa. Ban da na farko, kowane gida lambobi uku yake ɗauka, ko da babu komai a cikinsa.

Ga misali. An rubuta: "Two million, fifty thousand, six hundred naira only". Abin da ya zo kafin kalmar miliyan biyu ne, sai ka sa 2 a gidan farko. Abin da ya zo kafin kalmar dubu hamsin ne. Hamsin lambobi biyu ce, gidan kuwa uku yake so, don haka 050 za ka rubuta. Ragowar ɗari shida, 600. Ka jera su: 2,050,600. In kana son tabbaci, ka tara su daban-daban: 2,000,000 da 50,000 da 600, za su ba ka adadin nan dai.

Sifilin nan na gaban hamsin shi ne ke kayar da mutane. Wani ya mayar da shi baya ya rubuta 2,500,600, wani ya manta da shi gaba ɗaya ya rubuta 250,600. Na farko ya ƙara naira dubu ɗari huɗu da hamsin a kan kuɗin, na biyu ya zubar da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Ƙirga lambobin ma yana tona asiri: duk adadin da ya kama daga miliyan ɗaya zuwa tara da 'yan kai, lambobi bakwai ne kafin ɗigon kwabo.

"Kwabo fa?"

Bayan ɗigo, lambobi biyu. Kwabo hamsin .50 ne, kwabo biyar .05 ne. In babu kwabo, .00.

"Na karanta wa Alhaji da Hausa, ya ce ba haka suka yi da mai kayan ba. Alhali cak ɗin daidai yake."

Da wuya laifin cak ne, bakinka ne. In ka ce "dubu ɗari da hamsin", ɗan kasuwa 150,000 zai ji, amma mai bin maganar kalma-kalma zai iya rubuta 100,050. In kana nufin na biyun, ka ce "dubu ɗari da naira hamsin". Haka kuma dattawanmu har yanzu suna lissafi da jaka, wadda take naira ɗari biyu a nan, a Nijar kuwa jika sefa dubu ce, dala kuma sefa biyar. Duk cinikin da aka ƙulla da jaka ko dala, a mayar da shi lambobi a takarda, kowa ya gani ya amince, kafin a ɗauko littafin cak.

"Kalmomi sun ce dubu ɗari huɗu da goma sha biyar, lambobi sun ce 450,000. Wanne banki zai biya ni? Mai cak ɗin ya yi tafiya, ni kuma ina bukatar kuɗin."

A nan sai ka yi haƙuri, domin amsar ba guda ɗaya ba ce.

A doka, kalmomi ne ke da rinjaye. Dokar takardun biyan kuɗi ta Nijeriya, wadda aka gada daga dokar Ingila ta 1882, ta faɗa a sashe na 9 cewa idan adadin da ke cikin kalmomi ya saɓa da na lambobi, na kalmomi ne abin biya. A Nijar ma, ƙa'idar ƙasashen da ke amfani da sefa a Afirka ta Yamma haka ta tanada. Ke nan a takarda, cak ɗinka na 415,000 ne.

Sai dai abin da doka ta faɗa daban, abin da zai faru a gaban kanta daban. Yawancin lokaci banki ba ya zaɓar ɗaya daga cikin biyun, mayar da cak ɗin yake yi da dalilin cewa kalmomi da lambobi sun saɓa. Kada ka ga laifin kashiya. Cak umarni ne daga mai asusu, kuma wannan umarnin ya zo da baki biyu. In ya biya 450,000 alhali mai asusu 415,000 yake nufi, a wuyansa naira dubu talatin da biyar za ta rataya. In ya biya ƙaramin, mai asusu na iya dawowa ya ce babban ya nufa. Saɓanin kansa ma alama ce da ke sa a yi zargin an taɓa takardar bayan ta bar hannun mai ita.

Akan samu sassauci, amma ba haƙƙinka ba ne da za ka daki tebur a kai. In ka kai shi reshen da mai asusun yake, jami'in da ke kula da asusunsa na iya kiransa a waya, wani bankin kuma zai ce sai ya aiko da tabbaci a rubuce. Wannan ya danganta da tsarin bankin da girman kuɗin. In kuwa a naka bankin ka zuba shi, kuma bankinku ba ɗaya ba ne, hoton cak ɗin ake turawa can, babu wanda zai tsaya jin bayaninka. In aka dawo da shi ka yi asarar kwanaki.

Yanzu dubi naka da kyau. Wannan irin saɓanin kusan kullum daga "fifteen" da "fifty" yake fitowa, domin a kunne sun yi kama, a rubutun gaggawa ma haka. Haka sha uku da talatin, sha huɗu da arba'in, har zuwa sha tara da casa'in. Ka duba ƙarshen kalmar harafi-harafi. Sannan ka koma kan rasit ko takardar cinikinku, ka ga nawa kake bin sa a zahiri. In 415,000 ne, kuskuren yana cikin lambobi, kuma kana da ɗan fata idan bankinsa ya same shi a waya. In 450,000 ne, kada ma ka so a biya ka abin da kalmomi suka ce, domin za ka koma kana bin sa cikon.

Shawarata ita ce ka kira shi. Ko dai ya rubuto sabo ya karɓi tsohon ya soke, ko ya tura maka kuɗin ta waya. Gyara yana yiwuwa, amma shi kaɗai zai yi: ya ja layi ɗaya a kan kuskuren, ya rubuta daidai a sama, ya sa cikakken sa hannunsa a gefen gyaran, irin wanda banki ya sani. In asusun na mutum biyu ne masu sa hannu tare, dukansu za su sa. Duk da haka akwai bankin da zai ƙi cak mai gyara a kan kuɗi, shi ya sa na fi son sabo. In tafiyarsa ba mai tsawo ba ce, kana da sarari, domin sai bayan wata shida daga ranar da ke jikinsa cak yake tsufa.

"To in ni na gyara lambar da biro iri ɗaya fa? Ai kuɗina ne."

A'a! Kuɗinka ne, amma takardar umarnin wani ce. Taɓa adadin ba da izininsa ba jabu ne, kuma zai iya kai ka gaban 'yan sanda a kan kuɗin da halalinka ne.

"Na tara cak uku zan zuba, jimillar da na rubuta a tela, wato takardar zuba kuɗi, ta ƙi daidaita da ta kashiya."

Daga ina ka kwafo adadin? Na san amsar: daga akwatin lambobi, ko daga ka. Sake yi daga kalmomi, kowane cak a layinsa, waƙafi ƙarƙashin waƙafi, ɗigo ƙarƙashin ɗigo. A ce na farko 2,050,600.00 ne, na biyu 415,000.00, na uku 87,250.50. Jimilla 2,552,850.50.

In taka ta bambanta, ka debe ƙaramar daga babbar, bambancin zai nuna maka inda za ka duba. In ya yi daidai da kuɗin wani cak, ka tsallake shi ne ko ka ƙirga shi sau biyu. In bambancin ya rabu da tara ba saura, mai yiwuwa ka juya lambobi biyu: ka rubuta 78,250.50 maimakon 87,250.50, bambanci 9,000. Sifilin da ya sauya wuri ma haka yake yi, 2,500,600 da 2,050,600 bambancinsu 450,000 ne, kuma ya rabu da tara. In ka ga 35,000 cif, je ka duba sha biyar da hamsin a gidan dubu. Wannan alama ce kawai, ba hujja ba, domin kuskure biyu na iya haɗuwa su ɓata lissafin. Ka tara daga sama zuwa ƙasa, ka sake daga ƙasa zuwa sama.

"Dole ne sai an rubuta 'only' a ƙarshe?"

Rashinsa ba ya ɓata cak, amma ka rubuta, ka kuma ja layi ka cike filin da ya rage. Ka fara rubutu daga can farkon layi, kada ka bar sarari tsakanin kalmomi. Harafi ɗaya ke mayar da "eight" ta zama "eighty", biyu ke mayar da "six" ta zama "sixty". A akwatin lambobi ma ka manna lambar farko jikin alamar naira, ka rufe da .00.

"Hajiya ba ta iya rubutun boko ba, yaronta ke cike mata. Ya halatta?"

Ya halatta, sa hannunta ne ke ba takardar ƙarfi. Amma kada ta kuskura ta sa hannu a cak ɗin da ba a cike ba. A cike tukuna, wani daban wanda ba shi ya rubuta ba ya karanta mata kalmomin da Hausa, ta dubi lambobin da idonta, a rubuta adadin a gindin da ke saura cikin littafin, sannan ta sa hannu.