Mai ciwon suga: kafin ka fita tattaki, duba sugarka

Wani dattijo da ke zuwa asibitinmu ya ba ni labarin yadda jiri ya kwashe shi a hanyar gona, gumi mai sanyi ya rufe shi, hannu yana rawa. Da na tambaya, ashe ya sha gilibenkalamid, ƙwayar maganin rage suga, bayan sallar Asuba, ya kama hanya bai karya ba. Na ce masa, Baba, tafiyar ba ta da laifi, cikin da ba komai ne ya ja maka.

Tsoka idan tana aiki, suga take zuƙa daga jini. Amfanin motsa jiki ga mai ciwon suga nau'i na biyu ke nan, kuma haɗarinsa ke nan ga mai shan gilibenkalamid ko mai allurar insulin. Wanda ƙwayar maganin suga ta metfomin kaɗai yake sha, da wuya sugarsa ta faɗi haka.

Saboda haka a gwada kafin a fita. In na'urar gwajin suga ta nuna ƙasa da 5.6 mmol/L, wato 100 mg/dL, mai shan gilibenkalamid ko mai allurar insulin ya fara cin wani abu, ko ayaba ƙarama ɗaya ce. In ta gaza 3.9, wato 70, ba maganar fita. A jiƙa suga cokalin shayi uku zuwa huɗu a sha, a jira minti 15, a sake gwadawa. In kuma ta haura 16.7, wato 300, ga ƙishirwa, yawan fitsari ko kasala, a zauna, a sha ruwa, a nemi ma'aikacin lafiya.

Dattijon nan yanzu sai ya karya da ƙosai da ɗan koko marar suga, ya huta kamar awa ɗaya, sannan ya taka. Ran nan ya nuna mini littafinsa: 9.8 kafin tafiya, 7.4 bayan minti 30. Dabino uku ba sa barin aljihunsa, ko da suga za ta faɗi a hanya.

Gwajin bayan dawowa ne mutanenmu suka fi mantawa, kuma shi ya fi damuna. Tsoka takan ci gaba da jan suga har awa 24, don haka wanda ya yini yana noma, suga na iya faɗo masa cikin barci. Ranar aiki mai nauyi, a gwada kafin kwanciya.

Abin da ake so shi ne minti 150 a mako, misali minti 30 sau biyar, kuma kada a wuce kwana biyu a jere ba a motsa ba. A yi saurin da numfashi zai ƙaru amma a iya magana. A guji tsakar rana, a sa takalmi rufaffe, in an dawo a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Mai gyambo a ƙafa, ciwon ƙirji ko matsalar ido ya ga likita tukuna.