Zuwa ganin masana'anta a China: yadda ake neman rana

"Ina so in sayi injin matsar man gyaɗa wurin wani kamfani a Zhengzhou, in kafa shi nan Maradi. Yaya zan nemi su sa mini ranar da zan je in gani da idona?"

Alhaji, kada ka rubuta musu "zan zo wata mai zuwa". In sha Allah yana nan, amma a haɗa shi da kwanan wata. Ba su rana biyu su zaɓa, misali Talata ko Laraba a mako na biyu na Maris, ka faɗi ku nawa ne, kuma ko da tafinta za ka zo.

Sannan ka faɗi abin da ya kai ka. Ce musu kana son ganin irin injin da za ka saya yana aiki, a zuba masa gyaɗa kilo 50 a gabanka, a auna man, a auna tunkuzar. In ba ka nemi haka a rubuce ba, ɗakin baje kaya za a kai ka, inji na ƙyalli amma a kashe, a ba ka shayi, a maida kai otel. Nemi kuma adireshin wurin da rubutun Sinanci da hoton lasisin kamfanin. Wanda ya fara kame-kame a nan, ko ya ce ku haɗu a ofis kawai, sau da yawa dillali ne.

"Wane lokaci ne bai dace ba?"

Sabuwar shekararsu. A 2027 ta faɗo 6 ga Fabrairu, kuma ma'aikata kan tafi garuruwansu tun kafin ranar, dawowa sai an yi makonni. Haka 1 zuwa 7 ga Oktoba hutu ne. Lokacin baje kolin Canton kuwa, daga tsakiyar Afrilu da tsakiyar Oktoba, masu sayarwa da yawa suna Guangzhou, otel ma ya yi tsada.

"Tikiti zan fara saya ko biza?"

Rana tukuna. In sun amince, su aiko takardar gayyata mai hatimin kamfani, da sunanka daidai yadda yake a fasfo, harafi da harafi, da kwanakin zuwa da komawa. Da ita za ka nemi bizar kasuwanci, wato M, a ofishin jakadancin China da ke Yamai. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida. Sai biza ta fito ka biya tikitin da ba a maida kuɗinsa.

Kada ka sa ziyarar ranar saukarka. Ga motar Maradi zuwa Yamai, ga canjin jirgi a Addis Ababa, sannan daga Guangzhou zuwa Zhengzhou jirgin ƙasa mai sauri kusan awa shida ne. Agogonsu kuma ya riga namu da awa bakwai. Bar kwana ɗaya na hutu, wani ɗaya bayan ziyarar ko gwaji zai ƙi. Kafin ka bar gida su rubuta maka wanda zai tarbe ka, da lambarsa, da sunan tashar.