Na yi sikanin ɗin inbois na janareta, ya zan shigar da shi rajistar kadarori?

Malam, mun sayi janareta a ofis ɗinmu, oga ya turo min sikanin ɗin inbois ya ce in saka a rajistar kadarori. Jimillar da ke ƙasan takardar zan kwafa kawai ko?

A'a ɗan'uwa, dakata tukuna. Fara buɗe sikanin ɗin ka ƙara girmansa ka duba abin da aka rubuta a sama, in ka ga PROFORMA INVOICE to wannan ba shaidar saye ba ce, farashi ne kawai dila ya ba ku kafin ciniki ya faɗa, sai ka nemi inbois na ainihi. Ka duba sunan kamfaninku ne a jiki ba sunan oga ba, akwai lambar inbois, akwai kwanan wata, kuma shafin bai yanke ba, don sau da yawa mai sikanin yana ɗaukar shafin farko ya bar na biyu alhali ragi da haraji suna can. In wani adadi ya dushe har ba ka bambance 3 da 8, kar ka yi hasashe, ka haɗa layukan da kalkuleta ka ga ko sun ba da jimillar, in ba su ba da ba ka karɓo takardar asali.

To kuɗin da ake sakawa a rajista shi ne duk abin da aka kashe har janaretan ya zauna a wurinsa ya zama a shirye yake ya yi aiki. Haka ƙa'idar lissafin kadarori ta ƙasa da ƙasa, wato IAS 16, ta tsara. Mu ɗauka farashinsa naira 8,000,000 ne, dila ya yi muku ragin 200,000, saura 7,800,000. Harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan wannan ya kama 585,000, jimillar inbois ta zama 8,385,000. Amma ai ba da ƙafarsa ya zo ofis ba, an biya mota da masu sauke kaya 150,000, sannan aka biya 265,000 na daɓen siminti da waya da aikin mai haɗawa. Waɗannan biyun rasit ɗinsu daban ne, shi ya sa mutane ke mantawa da su, kai kuma dole ka bi ka nemo su. In ka haɗa duka, kuɗin janaretan ya tashi 8,800,000, shi za ka rubuta.

Man dizal da aka zuba masa da kuɗin sabis na shekara ba sa shiga ko da dila ya jera su a cikin inbois ɗaya, kuɗin gudanarwa ne, ka cire su su tafi asusun kashe kuɗi. Shi kuma VAT ɗin, na saka shi ne a kan cewa ba za ku karɓo shi daga hukumar haraji ba. In kamfaninku na da damar cire shi daga harajin da yake biya, to ba ya cikin kuɗin kadara, sai lissafin ya koma 8,215,000. Wannan ka tambayi mai yi muku lissafin haraji kafin ka rubuta, gyara daga baya yana da wahala tunda duk lissafin faɗuwar daraja a kansa yake.

Kwanan wata fa? Inbois ya ce 14 ga Maris, amma sai 1 ga Afrilu aka tayar da shi.

Duka biyun za ka rubuta, kowanne da gidansa. 14 ga Maris 2025 ranar saye ce, ita ce odita zai bi ya haɗa rajistarka da inbois. 1 ga Afrilu 2025 kuma ranar da ya zama a shirye, daga nan faɗuwar daraja ke fara ƙirga. Lura da kyau, a shirye na ce, ba ranar da kuka fara kunna shi ba. In an gama haɗawa 1 ga Afrilu amma wuta ta zauna ba ku taɓa shi ba sai Mayu, Afrilu ɗin dai za ka ɗauka. Takardar da mai haɗawa ya sa hannu ita ce hujjarka, ka yi sikanin ɗinta ita ma.

Sannan ka kiyayi irin 03/04/2025, mu a nan 3 ga Afrilu ke nan, amma kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka za ta karanta shi 4 ga Maris kuma ba za ta yi maka gargaɗi ba. Ni dai na fi son a rubuta shi 2025-04-03.

Ta yaya zan lissafa faɗuwar darajar?

Abu uku za ka rubuta a rajista: hanyar lissafi, shekarun da kuke sa ran zai yi muku aiki, da abin da kuke ganin za a saye shi in kun gama da shi. Ba kai za ka ƙirƙiro su ba, ka duba yadda kamfanin ke yi wa sauran injinansa ka bi, in babu tsari a rubuce to akanta da oga su zauna su yanke a rubuta a sa hannu. Mu ce shekara 5, kuma a ƙarshe zai sayu 800,000. Hanyar da aka fi bi ita ce ta raba daidai: 8,800,000 a cire 800,000 saura 8,000,000, a raba biyar, 1,600,000 kowace shekara. A Excel, in kuɗin na F2, darajar ƙarshe na G2, shekaru na H2:

```
=SLN(F2,G2,H2)
```

Shekarar farko ba cikakkiya ba ce, nan ake yawan zamewa. In kuna rufe littafi 31 ga Disamba, daga Afrilu zuwa Disamba wata 9 ne, wato 1,600,000 sau 9 a raba 12, ya ba da 1,200,000, darajar da ta rage a littafi 7,600,000. Ƙarshen 2026 ta sauko 6,000,000. Wasu kamfanonin cikakkiyar shekara suke cirewa a shekarar saye su ƙi cirewa a shekarar sayarwa, in haka ne tsarinku ka bi shi amma ka rubuta a rajistar cewa haka aka yi.

Akwai hanya ta biyu da ake cire wani kaso daga abin da ya rage, misali kashi 25 cikin ɗari: 2,200,000 a cikakkiyar shekarar farko, 1,650,000 a ta biyu. Ta fi dacewa da kayan da darajarsu ke zubewa da wuri irin mota. Kar dai ka fara da ɗaya baɗi ka koma ɗaya don riba ta yi kyau a takarda.

Shi sikanin ɗin in goge bayan na gama?

Haba, a'a. Ka ba janaretan lamba, misali GEN-001, ka manna ta a jikinsa, ka je da kanka ka kwafo lambar siriyal daga farantin da ke jikin injin ka gwada da siriyal ɗin da ke rubuce a inbois. Fayil ɗin kuma ka canza masa suna daga irin scan0007.pdf zuwa wanda ke ɗauke da lambar kadara da ranar saye, ka haɗa inbois da rasit ɗin mota da na mai haɗawa a folda ɗaya, ka rubuta sunan foldar da lambar inbois a layinsa na rajista. Kafin ka ajiye, bincika lambar inbois ɗin a rajistar ko wani ya riga ka shigarwa, don takarda ɗaya kan zo ta imel ta kuma zo ta WhatsApp. Ƙarshen wata ka gwada jimillar rajista da asusun injina a babban littafi, in rajista ta haura da 8,800,000 ko 8,385,000 cif to sau biyu aka shigar, in kuma ta gaza da 415,000 to kuɗin mota da na haɗawa ne ba ka saka ba.