Takardar Falsafar Koyarwa ga Mai Neman Aikin Lakcara a Sashen Ilimi

Takardar falsafar koyarwa gajeren bayani ne da mai neman aikin koyarwa a jami'a yake rubutawa da bakin kansa, yana faɗin yadda ya fahimci ɗalibi yana koyo, da abin da yake yi a aji saboda wannan fahimtar, da kuma yadda yake gane ko an koya ko ba a koya ba. A sanarwar neman ma'aikata ana ganin sunanta da Turanci, Statement of Teaching Philosophy, kuma galibi da Turancin ake rubuta ta. Tsawonta shafi ɗaya ne zuwa biyu. Ana haɗa ta da wasiƙar neman aiki, da takardar tarihin karatu da aiki, da kwafin shaidun karatu.

Asali da matsayinta

Al'adar ta fi ƙarfi a jami'o'in Amurka da Kanada, inda ta bazu a shekarun 1990 a matsayin ɓangare na kundin da malami yake tara shaidar koyarwarsa a ciki. A 1998 Nancy Chism ta Jami'ar Jihar Ohio ta fitar da wani gajeren jagora kan yadda ake tsara ta, wanda har yau ana komawa gare shi.

A Najeriya ba kowace sanarwa ke neman ta ba. Abin da aka saba shi ne a aika takardu zuwa ofishin rajistara tare da sunayen mutum uku da za su ba da shaida. Sai dai ko ba a neme ta a rubuce ba, tambayar tana nan tana jiran mutum ranar ganawa: "Malam, yaya kake koyarwa?" Saboda haka mai son shiga tsangayar ilimi ta Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, ko ta Jami'ar Tarayya da ke Kashere, wadda aka kafa a 2011, ko tsangayar ilimin fasaha ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ya fi masa ya shirya ta tun da wuri.

Abin da ya bambanta sashen ilimi

A sashen kimiyyar sinadarai ko na tarihi, mai nema zai iya ambatar wata nazariyar koyo ya burge masu karantawa. A sashen ilimi wannan ba ta ci. Waɗanda za su karanta takardar su ne masu koyar da waɗannan nazariyoyin kowane zango, su ne suke sa wa ɗalibai tambaya a kan Piaget da Vygotsky da matakan tunani na Bloom na 1956. Jera musu sunayen nan bai nuna komai ba sai cewa mutum ya yi aji biyu a jami'a.

Akwai kuma dalili mafi nauyi. Ɗaliban wannan sashe malaman gobe ne, kuma sun fi kwaikwayon abin da suka ga lakcara yana yi fiye da abin da ya faɗa. Wanda ya shafe awa biyu yana karanto musu amfanin tattaunawa a aji suna kwafa, shifta ya koya musu, kuma shiftar za su kai wa yaran Dukku da Ningi. Don haka tambayar da ke zuciyar shugaban sashe ita ce: idan na ba wannan mutumin ɗalibai, wane irin malami zai fito daga hannunsa?

Ginshiƙan takardar

Takarda mai kyau tana tafiya ne a kan zare ɗaya: ra'ayi, sai aikin da ra'ayin ya haifar, sai shaida. Ra'ayi ɗaya ko biyu sun isa. Duk jimlar da ta fara da "na yi imani" tana bin marubuci bashin wata mai farawa da "shi ya sa a aji nake", ita ma tana bin bashin "na kuma gane ya yi aiki ne da". Inda zaren ya tsinke, nan mai karatu yake daina yarda.

Misali a aikace

A ɗauka wata malama ce da ta koyar da lissafi a wata sakandare a Gombe, ta kammala digiri na biyu, tana neman muƙamin mataimakiyar lakcara domin ta riƙe kwas ɗin dabarun koyar da lissafi. Daftarinta na farko ya buɗe da cewa:

"Na yi imani ɗalibi shi ne cibiyar koyo. Ina amfani da hanyoyin zamani don kowa ya shiga a dama da shi. Kowane ɗalibi kuma zai gwada koyarwa a gabana."

Jimloli biyun farko kowa zai iya rubuta su, har wanda bai taɓa riƙe alli ba. Ta ukun kuwa lissafi ne zai ƙaryata ta. Idan ajin yana da ɗalibai 120, kowa aka ba shi minti 10, ana bukatar minti 1,200, wato awa 20. Kwas mai awa biyu a mako, cikin mako 15, awa 30 ne gaba ɗaya. Ke nan kashi biyu bisa uku na zangon ya tafi, ba a ma sa lokacin gyara da sharhi ba. Farfesan da ya daɗe a sashen zai yi wannan lissafin a ransa kafin ya kai ƙarshen layin.

Da ta sake zama, sai ta tambayi kanta abin da shekarunta a sakandare suka koya mata, wanda ba daga littafi ta samo shi ba. Amsar ita ce kuskuren yaro yana da dalili, kuma malamin da bai gano dalilin ba ba zai iya gyara shi ba. Ga abin da ta rubuta:

"Idan yaro ya rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5, ba sakaci ya yi ba. Ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, kamar yadda aka koya masa tara lambobi tun firamare. Ina so malamin da na horar ya iya ganin wannan dalilin kafin ya ja jan biro. Shi ya sa zan riƙa buɗe darasi da amsar da ba daidai ba, wadda na ɗauko daga littafin ɗalibin gaske bayan na cire sunansa. Zan raba ajin rukuni 20, mutum shida-shida, in ba su minti 15 su gano tunanin yaron, su kuma shirya tambaya ɗaya da za ta sa ya ga kuskuren da kansa. Mafi kyawun tambayar da nake fatan ji ita ce: tsakanin rabi da biyu bisa biyar, wanne ya fi yawa? Idan yaro ya ga cewa ya ƙara wa rabi wani abu amma ya samu ƙasa da rabi, to ya shirya jin dalilin da ya sa amsar take 5/6."

Wannan sakin layi bai ambaci sunan kowa ba, amma duk wanda ke sashen zai gane cewa abin da masanin ilimi Lee Shulman ya yi bayani a 1986 ne take aikatawa: sanin darasi daban, sanin yadda ake koyar da wannan darasin musamman da inda yara suke tuntuɓe a cikinsa daban. Idan tana son kawo sunan, nan ne wurinsa, a jimla guda bayan misalin.

Batun gwada koyarwa kuma ta mayar da shi abin da zai yiwu. Wannan dabara ta ɗan gajeren darasi a gaban 'yan'uwa ɗalibai, wadda aka faro a Jami'ar Stanford a 1963, ba ta bukatar kowa ya tsaya gaban lakcara. Rukunoni 20 ɗin za su yi nasu a lokaci guda, wasu a aji wasu a inuwar bishiya, mutum shida kowa minti 10 ya zama awa ɗaya, sauran biyar suna cike takardar lura mai tambayoyi kaɗan: nawa ne tambayoyin da ya yi, ya jira amsa ko shi ya amsa wa kansa, me ya yi da amsar da ba daidai ba. Ita kuma tana zagayawa, tana zama da rukuni uku ko huɗu kowane karo. Ba majigi a cikin tsarin, ba kuma abin da ɗaukewar wuta za ta tsayar.

Shaida ita ce wurin da masu nema suka fi rauni. "Ɗalibaina suna sona" ba shaida ba ce. Malamar ta rubuta cewa a makon farko za ta ba ɗalibai amsoshi biyar marasa daidai su bayyana dalilin kowace, ta sake ba su wasu biyar makamantansu a makon ƙarshe, ta kwatanta. Ta kuma ce wani kaso na makin gwajin cikin zango, wanda a yawancin jami'o'i yake 30 ko 40 cikin 100, zai fito ne daga tsarin darasin da ɗalibi ya rubuta, ya koyar, ya sake gyarawa. Wannan yana da muhimmanci, domin wanda ya ce yana son ɗalibai su yi tunani amma jarrabawarsa duk "lissafo" da "kawo ma'anar" ce, ɗalibai jarrabawar za su bi.

Dacewa da sashen da ake nema

Sakin layi na ƙarshe yakan nuna cewa mai nema ya san inda zai shiga. Ya duba kwasa-kwasan sashen ya ambaci biyu ko uku da zai iya riƙewa. A 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabuwar manhaja, CCMAS, wadda ta tsara kashi 70 cikin 100 ta bar wa kowace jami'a kashi 30, kuma wanda yake da abin da zai kawo a wannan kason ya faɗa. Ya taɓa batun duba ɗalibai idan sun fita gwajin koyarwa a makarantu, tunda aikin kowane lakcara ne a sashen. Haka nan batun harshe: ɗalibansa za su koyar da yaran da Hausa ko Fulfulde ko Tangale suke ji a gida, alhali littafin da Turanci yake, kuma kwamiti zai so jin yadda zai shirya su.

Kurakurai da iyaka

Kwafar samfuri daga intanet tana tona kanta, domin za a ga ana maganar aji mai mutum 15 da kayan aikin da sashen ba shi da su. Maimaita tarihin karatu ɓata shafi ne, tunda yana cikin wata takardar. Wanda bai taɓa koyarwa a jami'a ba kada ya ƙirƙiro. Gwajin koyarwarsa, da hidimar ƙasa, da darasin Islamiyya ko na yamma duk gogewa ce, muddin ya kira kowace da sunanta, ya kuma raba "ina yi" da "zan yi".

Takardar ba ta maye gurbin digirin da aka nema, ko muƙalun da aka wallafa, ko rajistar hukumar malamai ta TRCN inda aka sharɗanta ta. Aikinta ya fi fitowa idan takardun mutum biyu sun yi kunnen doki, da kuma ranar ganawa, lokacin da wani cikin kwamiti zai iya ɗaga shafin ya ce: "Malama, kin ce za ki riƙa buɗe darasi da kuskure. Ga allo, nuna mana."