Hatsi da wake: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa kan furotin

"Ba an ce akwai furotin a gero da masara ba? To, me ya rage?"

Akwai, kusan giram 9 zuwa 11 a cikin kowane giram 100 na busasshen hatsi. Ingancinsa ne bai cika ba.

"Mene ne kuma inganci a furotin?"

Furotin haɗi ne na ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, da su jiki yake gina tsoka, jini da fata. Yana iya haɗa 11 da kansa, amma sauran 9 dole sai daga abinci. Idan ɗaya daga cikin taran nan ya yi ƙaranci, aikin ginin yana tsayawa a daidai inda ya ƙare, kamar maginin da ya tara yashi tuli amma simintinsa buhu ɗaya ne. Ragowar sai jiki ya ƙona su don samun kuzari. A hatsi, wanda yake ƙaranci shi ne laisin, masara kuma ta ƙara da ƙarancin tiriftofan. Wake yana da laisin sosai, amma metiyonin ɗinsa kaɗan ne, shi kuwa hatsi yana da shi daidai gwargwado.

"Dole ne a ci su tare a kwano ɗaya?"

A'a. Ga babban mutum, ƙosai da safe da tuwo da dare sun wadatar, muddin a yini ɗaya aka ci su. Ku daina tayar da hankalinku a kan wannan.

"Wake nawa zan haɗa da hatsi, musamman a kunun yaron da nake shirin yayewa?"

A nan ne ya kamata a natsu, domin amsar tana sauyawa da irin hatsin, da irin waken, da kuma shekarun mai ci. Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta, a rahotonsu na 2007, sun nuna cewa babba yana buƙatar kimanin miligiram 45 na laisin a cikin kowane giram na furotin da ya ci. Furotin ɗin masara yana da kusan 28 ne kawai, na wake kuwa kusan 67. Idan aka ɗauki giram 300 na masara aka haɗa da giram 100 na wake, duka busassu, za a samu furotin kusan giram 51, laisin ɗinsa kuma zai kai wajen miligiram 46 a kowane giram. Ke nan awo 3 na hatsi da awo 1 na wake ya ƙetare mizanin babba, amma da ƙyar.

Hajiya, ɗanki ba babba ba ne. Yaron da bai cika shekara 2 ba yana buƙatar laisin fiye da miligiram 50 a kowane giram na furotin, saboda yana cikin girma, don haka awo 2 na hatsi da awo 1 na wake ya fi kusa da buƙatarsa, kuma ko shi ma a bakin iyaka yake. Idan dawa ce, lamarin ya ƙara tsauri, domin laisin ɗinta bai kai na masara ba, kuma furotin ɗinta yana ƙara wuyar narkewa idan aka dafa ta da ruwa. Alƙaluman nan kiyasi ne, suna hawa da sauka gwargwadon iri da ƙasar da aka noma, kuma ba duk abin da aka haɗiye ne hanji yake tsotsewa ba. Shi ya sa nake cewa a ci gaba da shayar da nono, a kuma riƙa ƙara ƙwai, madara ko garin busasshen kifi ko da kaɗan ne. Sannan a dama kunun da kauri yadda zai zauna a cokali, domin cikin yaro ƙarami ne, tsululun kunu kuwa ruwa kawai yake cika masa shi. Idan nauyinsa ya tsaya cak wata da watanni, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, a kai shi asibiti, wannan ya wuce gyaran gari.

"Gyaɗa ba za ta maye gurbin wake ba?"

Na sha faɗa cewa ba za ta maye ba. Tana da furotin da mai, tana ƙara wa kunu ƙarfi, amma laisin ɗinta kusan 36 ne. Idan aka sa ta a lissafin da ya gabata a madadin wake, haɗin zai tsaya a wajen 32. A ci kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli, amma kada a ɗauka sun biya buƙatar.

"Waken suya fa?"

Ya fi wake yawan furotin, yana haura giram 35 a cikin 100, laisin ɗinsa kuma mai yawa ne. Sai dai a soya shi ko a dafa shi sosai kafin a niƙa, domin ɗanyensa yana ɗauke da sinadarin da yake hana narkewar furotin a hanji. Awara ta riga ta sha wuta, ba ta da wannan matsalar.

"Ɗanwake ai haɗi ne, ko?"

Ya danganta da garin. Idan rogo ne ya rinjaya, furotin ɗin ya ragu ƙwarai, domin na rogo bai taka kara ya karya ba. A ƙara yawan waken, a kuma sa garin dawa ko alkama a madadin wani kaso na rogon.