Intalok

Intalok ƙananan tubalan kankare ne da ake jerawa a tsakar gida, mashigar mota da gidajen mai ba tare da an haɗa su da siminti ba. Yashin da ke tsakaninsu ne ke kulle su, ta yadda idan taya ta taka tubali ɗaya sai nauyin ya watsu zuwa maƙwabtansa. Ana iya ɗaga su a gyara bututu a mayar, abin da daɓen kankare ba ya bari.

Tarihi

Shimfiɗa duwatsu a kan hanya tsohon abu ne, Rumawa ma sun yi. Na kankare kuwa ana danganta asalinsa da ƙasar Holand bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mutanen Holand sun daɗe suna shimfiɗa jan bulo a titunansu, domin ƙasarsu mai taushi ce, tana lotsawa, kuma bulo ana iya ciro shi a cike ƙasan a sake jerawa. Da yaƙi ya rushe gidaje, sai jan bulon ya koma aikin gini, aka fara zuba na kankare a madadinsa a wajajen shekarun 1950. Daga nan ne tubali mai tsawon santimita 20 da faɗin 10 ya samo siffarsa. A Jamus aka ƙirƙiro masu lanƙwasa da haƙora da ke shiga juna, sannan fasahar ta isa Arewacin Amurka a farkon shekarun 1970. A Nijeriya ana yin su da injin matsi, ana kuma zuba su a mazubin roba a bakin titi.

Shimfiɗa

Abin da ido ke gani shi ne mafi ƙarancin aikin. A can ƙasa akwai ƙasar wurin, wadda ake kwashe ta sama mai ciyawa a daddaɓe sauran. A kanta ake zuba tushe na burji ko fasasshen dutse, santimita 10 ga wurin tafiyar ƙafa, 15 ko fiye ga mota. Sai yashin shimfiɗa, sai tubali mai kaurin santimita 6, ko 8 inda manyan motoci za su shiga.

Yashin shimfiɗa ba cikon rami ba ne. Kaurinsa santimita 2.5 zuwa 4 ne, kuma dole ya zama ɗaya ko'ina. Ana son yashin rafi mai kaushi, wankakke, wanda idan aka damƙa ba ya barin laka a tafin hannu. Garin dutse ya yaɗu a madadinsa. Masu amfani da shi na cewa ya fi kamewa, ƙa'idojin aikin da yawa kuwa sun ƙi shi saboda ƙurarsa na riƙe ruwa.

A ɗauki mashigar mota mai faɗin mita 3 da tsawon 10. Murabba'in mita 30 ke nan, kuma tunda kowane murabba'i na cin tubali 50 na 20 da 10, ana buƙatar 1,500, ban da na yanka. Tubali 8, yashi 3 da tushe 15 sun sa zurfin haƙa ya zama santimita 26. Gangara ta kashi 2 cikin 100 a faɗin mita 3 na nufin gefe ɗaya ya fi ɗayan tudu da santimita 6, kuma a jikin tushe ake fitar da ita. Magini da ya bar tushe da kwari da tudu, ya ce zai daidaita da yashi, zai sami santimita 3 a nan, 10 a can. Wurin mai 10 zai fi nutsewa, kuma damina ɗaya ta isa ta nuna shi.

Dakalin gefe

Taya na tura tubali gefe, musamman wajen birki da juya sitiyari. Idan babu dakalin kankare da aka kafa a kan tushe, aka tallafe shi da kankare ta baya, layin ƙarshe sai ya ja baya, tsagogi su buɗe daga milimita 2 zuwa 5 da aka saba, yashi ya zurare. Bangon gida na iya zama dakali. Jeri mai siffar ƙashin kifi ya fi jure turi.

Dalilan lotsawa

Siffar lotsawar kan faɗi dalilinta. Kwari biyu a sawun taya na nuna tushen ya yi siriri ko ba a daddaɓe shi da inji ba. Doguwar lotsawa a miƙe kuwa kusan kullum tana bin ramin bututu ko wayar lantarki da aka mayar da ƙasarsa a lokaci ɗaya, ba hawa-hawa ba. Rami a ƙarƙashin indararo ruwa ne ya wanke yashin tsaga, sannan na ƙasa. Haka ake gani a kewayen sokawe mai yoyo. Idan tubali na motsi, ruwa mai laka na ɓullowa ta tsaga lokacin da mota ta wuce, yashin ya jiƙe ya kasa tsanewa, kuma ledar da wasu ke shimfiɗawa don hana ciyawa na iya tsare ruwan. Baƙar lakar da ke yankin Tafkin Chadi tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani, don haka a can akan kwashe ta a musanya kafin a zuba tushe.

Gyara

Ana ciro tubalan wurin har da layuka biyu na kewaye, a kwashe yashin, a gyara tushe a daddaɓe, a mayar, a share busasshen yashi cikin tsagogi a bi da injin daɓe. Ƙara yashi kawai ba tare da taɓa tushen ba yakan dawo da ramin.