Jarrabawar buɗe littafi a fannin lauya

Jarrabawar buɗe littafi, wadda ɗalibai ke ce wa ofin buk, ita ce wadda ake barin ɗalibi ya shiga hol da takardunsa, wani lokacin not ɗin da ya rubuta da hannu kawai, wani lokacin kwafin doka kamar Kundin Tsarin Mulki na 1999 ko Dokar Shaida ta 2011, wani lokacin kuma duk abin da ya iya ɗauka. Lakcara ne ko fakwalti ke yanke abin da za a shiga da shi, shi ya sa ɗan ajin lauya a Jami'ar Jos ko ta Abuja abu na farko da zai yi shi ne ya tambaya tun da wuri, domin akwai inda ake yarda da kwafin doka amma in an ga rubutun biro a gefen shafi sai a karɓe.

Abin da ya bambanta ta da jarrabawar hadda shi ne mai tambaya ya san littafi na gabanka, don haka ba zai ɓata maki a kan ma'anar tayi ko shekarar da aka yanke wani kes ba. Labari zai ba ka mai sarƙaƙiya ya ce ka ba wane shawara, kuma makin yana wajen ɗora doka a kan labarin.

Tsara not

Not ɗin aji mai shafi ɗari da wani abu ba ya da amfani a hol, lokacin da za ka ɓata kana juya shafi ya ishe ka rubuta rabin amsa. Abin da ake yi shi ne a matse kowane babi ya koma shafi ɗaya ko biyu, a jera shi yadda za a bi tambaya, misali a kwantiragi: an yi tayi kuwa, tayin yana nan da rai, an amince, amincewar ta isa ga mai tayi. A sa wa kowane shafi lamba, a manna ƴar takarda mai kala a gefe. Not ɗin wani kuwa, ko da na gwanin aji ne aka yo maka fotokwafi, ba ka san inda komai yake ba a ciki.

A kula da tsohuwar doka. An sake dokar kamfanoni a 2020 ta maye gurbin ta 1990, lambobin sassa sun canza, haka Dokar Shaida ta 2011 ta maye gurbin tsohuwa, to wanda ya gaji handawut daga yayyensa na fakwalti yana iya kawo sashen da yanzu magana daban yake yi.

Indes ɗin kes

Nan ne ainihin aikin yake. Yawancin ɗalibai suna jera kes da harafi, Adams, Byrne, Carlill, har ƙasa, kuma wannan jerin ba ya taimakon kowa sai wanda ya riga ya tuna sunan kes ɗin, shi kuma wanda ya tuna ai ba ya bukatar indes. A hol matsala ce ke fara zuwa maka, sunan kes daga baya, saboda haka da matsalar ake jerawa. Kowane layi ya ƙunshi batun, sunan kes da shekara, ƙa'idar a jimla ɗaya, abin da ya faru a kalma goma ko ƙasa da haka, sai lambar shafin not. Misali a ƙarƙashin "an rage farashi": Hyde v Wrench, 1840, an yi tayin gona a fam 1,000, mai saye ya ce 950, daga baya ya dawo ya ce ya yarda da 1,000, kotu ta ce tayin farko ya riga ya mutu. Layin da ke ƙasansa kai tsaye ya zama kes ɗin da ya bi wata hanya, wato Stevenson v McLean, 1880, inda aka ce tambayar neman ƙarin bayani ba ta kashe tayi. Ajiye su kusa da juna shi ne dabarar, don lakcarori a kan wannan tsagar suke gina tambaya.

Ana ƙara gurbi ɗaya na kotun da ta yanke. Hukuncin Kotun Ƙoli ta Najeriya yana ɗaure duk kotunan da ke ƙasa da ita, na kotunan Ingila na yanzu kuwa jan hankali kawai yake yi, kuma in batu ɗaya yana da kes na gida da na waje, na gidan ake sa wa a gaba.

Ga yadda abin yake aiki. A ce tambaya ta zo haka: ranar Litinin wani mai dankali a kasuwar Farin Gada ya tura wa wata mai gidan abinci saƙo cewa zai sayar mata buhu 100 a naira 40,000 kowanne, kuma zai jira ta har Juma'a. Talata ta rubuto, "Alhaji, za ka karɓi kuɗin kashi biyu?" bai ba da amsa ba, Laraba ya sayar wa wani, Alhamis ta turo cewa ta amince. Mai indes na batu zai ga matsala uku nan take. Saƙon Talata tambaya ce, ba ta rage ko kwabo ba, don haka Stevenson ne ya dace, ba Hyde ba, da ta ce "a bar min a 35,000" da labarin ya juya. Alkawarin jira har Juma'a bai ɗaure shi ba tunda ba ta ba da komai a kansa ba, Routledge v Grant na 1828 ke nan. Amma janye tayi sai ya kai ga wanda aka yi wa kafin ya yi aiki, kamar yadda Byrne v Van Tienhoven na 1880 ya nuna, shi kuwa Alhaji bai faɗa mata ba, saboda haka amincewar Alhamis ta ƙulla kwantiragi. Sai a ƙara cewa da wani dillali amintacce ya tsegunta mata tun Laraba an sayar, to Dickinson v Dodds na 1876 zai hana ta amincewa. Duk wannan daga rabin shafi ɗaya ya fito.

Lokaci

A takardar awa uku mai tambaya huɗu masu maki daidai, ana cire minti 10 na karanta tambayoyi da 10 na dubawa a ƙarshe, saura 160, wato 40 ga kowacce. Cikin 40 ɗin, kamar minti 8 na farko ne na zana batutuwa da duba indes, daga nan a rufe komai a yi ta rubutu. Alamar cewa abu ya lalace ita ce ka ga kanka kana karanta sakin layi sukutum a littafi, ko kana kwafe labarin kes tun daga farko, wannan ba ya kawo maki don shi ma mai makin yana da littafin. In 40 ta cika a bar fili a wuce, domin makin farko na sabuwar tambaya ya fi saurin samuwa a kan na ƙarshen tsohuwa.

Ana gwada indes kafin ranar, a ɗauki tambayoyin shekarun baya a sa agogo, duk batun da ya ɗauki fiye da rabin minti kafin a gano layinsa to an ajiye shi a inda bai dace ba, ko an ba shi kan magana irin na littafi wanda ba shi ne ke zuwa wa mutum a rai ba, sai a sake masa suna a mayar da shi kusa da ƴan uwansa.